Numfashi 23 ko 20: lacca a kan tsara atisayen kwaikwayo ga ɗaliban jinya

An gabatar da wannan lacca a wani taron malaman jinya a Zariya, aka rubuto ta daga faifan da aka ɗauka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu matiron-matiron da ke gaba, 'yan'uwa malamai, da ɗaliban da na hango can baya, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan yadda ake tsara atisayen kwaikwayo, wato mu shirya gado, mu kwantar da wani a matsayin mara lafiya, mu sa jikinsa ya riƙa rikicewa a hankali, mu ga ko ɗaliba za ta gane tun da wuri. Abubuwa biyar na rubuto. Na farko manufa, na biyu mara lafiyar da za mu ƙirƙira, na uku matakan rikicewar, na huɗu mutanen da za su taka rawa, na biyar zaman tattaunawa bayan an gama.

Manufa ba za ta ci mana lokaci ba. Kafin ki taɓa gado ko mutum-mutumi, ki rubuta abu uku da kike so ki gani da idonki. Nawa su ne waɗannan: ɗaliba ta auna alamomin jiki duka ba tare da ta tsallake ko ɗaya ba, ta haɗa maki ta gane matakin da aka kai, sannan ta kira babba ta ba da rahoton da zai sa ya taso. Shi ke nan. Idan kika ƙara da sa robar fitsari da lissafin magani da wankin ciwo, kin mayar da atisayen jarrabawar ƙarshen shekara, kuma in ɗaliba ta kasa ba za ki san a ina ta kasa ba.

Sai mara lafiya. Ku ɗauko wanda ɗalibanmu za su tarar a ɗakin kwanciya gobe. Ni na zaɓi manomi ɗan shekara 28, nauyinsa kilo 60, taifot ta huda masa hanji, an yi masa tiyata kwana uku da suka wuce. Duk wanda ya yi aiki a ɓangaren tiyata a ƙasar nan ya san irinsa. Abin da ke faruwa a cikinsa, wanda mu muka sani amma ɗaliba ba ta sani ba, shi ne ɗinkin hanjin ya fara yoyo, cuta tana shiga jini. Ba ma neman ɗaliba ta gano wannan. Aikin likita ne. Abin da muke nema ta gano shi ne mutumin nan ba lafiya, kuma ya fi ɗazu muni.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne NEWS2, wanda Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2017, bayan na farkonsa na 2012. Yana duba numfashi, yawan oksijin a jini, ko an sa wa mutum oksijin, hawan jini na sama, bugun zuciya, hankali, da zafin jiki. Kowanne ana ba shi maki daga sifili zuwa uku, sai a haɗa. Idan jimla ta kai biyar, a kira likita cikin gaggawa, a koma awo duk awa ɗaya. Idan ta kai bakwai, lamari ya zama na ujila, ba a barin gefen gadon. Idan kuma abu ɗaya kaɗai ya ci maki uku, shi ma a kira.

To ku rubuta waɗannan lambobin, don a kansu duk maganar take. A takardar awon da za mu rataya a gadon, ƙarfe shida na safe: numfashi 18, oksijin 97, hawan jini 124 bisa 78, bugun zuciya 88, zafi 37.4. Maki sifili. Ƙarfe goma: numfashi 20, bugun zuciya 96, hawan jini 118 bisa 74, zafi 37.9. Maki ɗaya. Yanzu ƙarfe biyu na rana, ɗalibai sun karɓi aiki, sun shigo. Abin da za su samu idan sun auna, wato matakin farko: numfashi 23, oksijin 95, hawan jini 112 bisa 70, bugun zuciya 108, zafi 38.3, kuma yana cikin hankalinsa, yana amsa gaisuwa.

Mu haɗa tare. Numfashi 21 zuwa 24 maki biyu ne. Oksijin 94 zuwa 95, ɗaya. Hawan jini daga 111 zuwa sama, har 219, sifili. Bugu 91 zuwa 110, ɗaya. Zafi 38.1 zuwa 39, ɗaya. Nawa ke nan? Biyar. Na gode, Malam. Biyar cif.

Yanzu ku dubi abin da ya sa na zaɓi 23. A ce ɗaliba ba ta ƙirga numfashin ba. Ta kalle shi, ta ga ba ya haki, ta ga wadda ta gabace ta ta rubuta 20, ita ma ta rubuta 20. Numfashi 12 zuwa 20 maki sifili ne. Jimla ta koma uku. Da maki uku, ma'aunin cewa yake a sanar da nas mai kula, a sake awo cikin awa huɗu zuwa shida. Kun gani? Mutum ɗaya, gado ɗaya, minti ɗaya. Wadda ta ƙirga za ta ɗauki waya ƙarfe biyu da minti biyar. Wadda ba ta ƙirga ba za ta dawo bayan magariba. Duk atisayen nan na gina shi ne a kan wannan bambanci na numfashi uku.

Ina so in daɗe a nan, ku yi haƙuri da ni. Ku je kowane ɗakin kwanciya, ba na kiran sunan ko'ina, ku buɗe takardun awo. Za ku ga zafin jiki yana hawa da sauka, bugun zuciya yana hawa da sauka, amma numfashi 20, 20, 18, 20, 20, kamar da rula aka ja. (dariya) Kuna dariya don kun gani. Dalilin a fili yake. Zafi akwai na'urarsa, hawan jini akwai na'urarsa, oksijin a maƙala a yatsa a karanta. Numfashi kuwa sai ki tsaya, ki kalli ƙirjin mutum, ki ƙirga minti guda cur, alhali gado talatin na jiran ki. Shi ne ya fi kowanne arha, ba batir ba wutar lantarki, kuma shi ne aka fi watsarwa.

Alhali kuwa sau da yawa shi ke fara motsi. Me ya sa? Idan cuta ta shiga jini, ko jini na zuba a ciki, naman jiki ba ya samun oksijin yadda ya kamata, sai tsami ya fara taruwa a jini. Jiki yana da masu gadi a jijiyoyin wuya da ƙwaƙwalwa da ke jin wannan tsamin, sai su ba huhu umarni ya ƙara sauri don ya fitar da gurɓatacciyar iska ya rage tsamin. Zazzaɓi ma yana ƙara shi, ciwo yana ƙara shi, cikin da ya kumbura ya tokare huhu yana ƙara shi. Shi kuwa hawan jini, jiki yana kare shi har sai ƙarfinsa ya ƙare. Zuciya ta ƙara gudu, ƙananan jijiyoyin fata da hanji da ƙoda su tsuke, duk don lambar nan ta zauna daidai. Matashi mai ƙarfi irin manominmu, in zubar jini ce, yana iya rasa kusan kashi talatin cikin ɗari na jininsa kafin lambar sama ta faɗi. Saboda haka ɗalibar da ke jiran hawan jini ya faɗi kafin ta damu, tamkar manomi ne da ke jiran ganyen masara ya bushe kafin ya yarda an yi fari. Shi ya sa a matakin farko na bar shi 112. Da gangan. Ina so lambar da suka fi yarda da ita ta ce musu lafiya lau, sauran su ce a'a.

Kuma yadda ake ƙirgawar ma sai an koya. Idan kika ce wa mutum "zan ƙirga numfashinka", nan take zai canja shi. Ki riƙe hannunsa kamar har yanzu bugun jijiya kike ji, idonki na kan ƙirjinsa, agogo na gabanki. Minti ɗaya. Masu ƙirga daƙiƙa goma sha biyar su ninka huɗu, ku lissafa da ni: ta ƙirga biyar, ta samu 20. Ta ƙirga shida, ta samu 24. Kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu, kuma daidai kan iyakar da maki ke canjawa. A takardar da nake ba mai sa ido, akwai layi guda: ta ƙirga, kuma daƙiƙa nawa ta yi? A riƙe agogo a rubuta.

Wannan ya kawo ni ga maganar mutum-mutumi, ko da yake ba nan na sa ta ba. Ana yawan ce mini, ai mu ba mu da mutum-mutumin nan mai numfashi da lantarki. Na ce alhamdu lillahi, kuna da ɗalibai 'yan aji uku. Mutum mai rai ba zai iya canja bugun zuciyarsa ko zafin jikinsa ba, amma numfashi yana hannunsa. Numfashi 23 ko 24 a minti, wato ɗaya duk daƙiƙa biyu da rabi. A koya masa kwana ɗaya kafin ranar, da agogo. Sai dai ku kula, ya yi shi sama-sama, kada ya riƙa ja da zurfi, in ba haka ba jiri zai kama shi, yatsunsa su fara sagewa. Ku ba shi alama, in ya ɗora hannu a kai, an tsaya, babu gardama. Kuma kada a wuce minti goma zuwa goma sha biyu.

Sauran lambobin fa? Malama tana tsaye a gefen gado da katuna. Ƙa'idar ita ce ba a ba da lamba sai an yi aikin. Ɗaliba ta ɗaura abin awon hawan jini daidai, ta hura, ta saurara, sannan a nuna mata kati mai 112 bisa 70. Ta sa ma'aunin zafi, ta jira, a nuna mata 38.3. Idan ta juyo ta ce "Malama, numfashinsa nawa?" sai a ce "ga shi nan gabanki." Numfashi ba shi da kati. Ku ja layi ƙarƙashin wannan. Ranar da kika rubuta numfashi a kati ko a allo, kin koya mata ainihin ɗabi'ar da muka taru mu kashe.

Ina muka tsaya? Na uku ko? To, matakai. Mataki na biyu yana shiga a minti na biyar, idan ba a kira kowa ba: numfashi 26, oksijin 94, hawan jini 104 bisa 64, bugu 116, zafi 38.6. Uku, ɗaya, ɗaya, biyu, ɗaya, takwas ke nan. Mataki na uku a minti na tara: numfashi 29, oksijin 91, hawan jini 88 bisa 50, bugu 132, ya fara sambatu, yana kiran ɗaliba da sunan ƙanwarsa. A nan ake tsayawa. Idan kuwa sun kira a matakin farko, suka ɗaga kan gadon, suka duba robar ƙarin ruwa tana tafiya, suka sake awo, to a riƙe shi a mataki na ɗaya ko na biyu har likita ya iso. Kada ku sa ya warke nan take don an sa masa oksijin. Hanjin da ke yoyo ba ya ɗinkewa da oksijin, kuma ɗaliba za ta tafi da ƙarya a kanta. Wani ɗan abu kuma da suke mantawa: da zarar an sa oksijin, ana ƙara maki biyu a jimla, ko da lambar yatsa ta haura.

Ku kuma ajiye alamun da ba a cikin ma'aunin suke ba. Jakar fitsari: a zuba ruwan shayi mai duhu, mililita 60, a rubuta cewa ƙarfe goma aka zubar da na baya. Mutum mai kilo 60 ya kamata ya yi aƙalla rabin mililita a kowane kilo duk awa, wato 30 a awa, 120 a awa huɗu. Ya yi rabi. Jakar tana rataye a ƙasan gado, sai wadda ta sunkuya za ta gani. A sa ya riƙe robar ruwan sanyi kafin a fara, don tafin hannunsa ya yi sanyi. Littattafan da muke koyarwa da su suna cewa mara lafiya zai yi fari ko leɓensa ya yi shuɗi. A fatarmu wannan ba ya fitowa da wuri. A koya musu duba cikin fatar ido, da harshe, da tafin hannu, da danna farce daƙiƙa biyar a ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Na'urar yatsa ma, binciken da aka buga daga Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna takan nuna oksijin sama da gaskiya a masu baƙar fata fiye da farare. Wani dalilin ke nan na komawa ga ƙirjin mutum.

Na gaba, mai jinya. Kada ku yi atisaye babu mai jinya, don a asibitocinmu babu gadon da ba shi da mai zama a tabarma gefensa. Ki ba ta jimla ɗaya: "Sista, ba haka yake da safe ba." Ta faɗa sau ɗaya, a hankali, cikin kunya, kamar yadda matar ƙauye za ta faɗa. In an tambaye ta, sai ta ƙara cewa ya daina hira, yana ta juye-juye, ya ce cikin ya ɗaure. In ba a tambaye ta ba, ta yi shiru. Ita ta kwana da shi uku, ta fi takarda sanin yadda yake.

Sai likita a waya. Malami ne a ɗaki na kusa. Idan ɗaliba ta ce "Dokta, mara lafiyar gado na shida ba ya jin daɗi," amsarsa ita ce "ku ba shi farasitamol, ina tiyata." Idan ta bi tsarin SBAR, wato halin da ake ciki, tarihinsa, abin da ta auna, da abin da take nema, sai ya ce ga shi nan. Misali: "Dokta, gado na shida ne, kwana uku da aikin hanji. Makinsa ya tashi daga ɗaya zuwa biyar cikin awa huɗu, numfashi 23, bugu 108, fitsari 60 tun ƙarfe goma. Ina roƙon ka zo ka duba shi yanzu." Jimlar ƙarshen nan ita ce ke maƙale musu. An tarbiyyantar da yaranmu kada su ce wa babba "zo", kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma sai sun furta ta da bakinsu a ɗakin atisaye, sau biyu, sau uku, kafin ta fito a tsakar dare.

Shugaba yana nuna mini agogo. Saura biyu, bayani kafin a fara da tattaunawa bayan an gama, zan haɗe su. Kafin a fara, minti biyar: a nuna musu ɗakin, a gaya musu abin da ke na gaske da abin da za a ba su a kati, a ce ba maki ake bayarwa ba, kuma abin da ya faru a ɗakin ba ya fita. Ɗalibai biyu ko uku a ciki, sauran suna kallo da takarda. Bayan an gama, tattaunawa ta ninka atisayen tsawo, minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Ki fara da barin su su sauke numfashi. Sannan ki faɗi abin da kika gani, ki tambaya: "Na ga kin rubuta 20 bayan daƙiƙa goma, ni kuma na ƙirga 23. Me ke ranki a lokacin?" Amsar ita ce darasin. Wata za ta ce ta ji kunyar kallon ƙirjin namiji. Wata ta ce ba ta da agogo. Kowacce maganinta daban. Kuma ku gwada labarin da malamai kafin ranar, ku sake haɗa makin kowane mataki, don kuskuren lissafi ɗaya a katinki zai rushe komai.

Akwai tambaya? Na'am, Hajiya.

(Wata malama ta ce yawancin ɗalibanta ƙananan asibitocin karkara za a tura su, inda babu na'urar yatsa, babu oksijin, babu likitan da za a kira. Ta tambaya ko atisayen zai yi musu amfani.)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Amsata ita ce a sake rubuta labarin don ɗakin da za su je. Abu na farko, mara lafiyar zai canja, don ba a kwantar da mai aikin hanji a can. Ki mayar da shi wanda aka kawo a kan babur, kwana goma yana zazzaɓi, yau ciki ya ɗaure. Ki cire na'urar yatsa daga kan tebur gaba ɗaya. Mu koma lambobinmu na matakin farko babu oksijin: numfashi biyu, bugu ɗaya, zafi ɗaya, huɗu. Amma ki gaya musu wannan huɗun ba cikakke ba ne, an rasa awo ɗaya, saboda haka mafi ƙaranci ne, gaskiyar tana iya fin haka. Abin da zai yanke hukunci shi ne a sake awo bayan minti goma sha biyar ko talatin a ga inda lambobin suka dosa. Numfashi 23 ya koma 26, maki uku a abu ɗaya, magana ta ƙare.

Manufa ta uku kuma ta tashi daga kiran likita ta koma tura mara lafiya. Sai ki auna wasu abubuwan: minti nawa ta ɗauka kafin ta ce a nemo mota? Ta sa ƙarin ruwa kafin a tashi, in ƙa'idar wurin ta ba ta dama? Ta hana a ba shi kunu ko ruwa ta baki? Ta rubuta awo biyun da lokacinsu a takardar turawa, don wanda zai karɓe shi a asibitin Shika ko na Ƙofar Gayan ya ga tafiyar lambobin? Mai taka rawar likita kuma ya zama yayan mara lafiya, ya ce "Sista, a bari sai da safe, yanzu babu kuɗin mota." Nan ɗaliba za ta koyi yi wa dangi bayani da Hausar da za su gane, ba tare da ta firgita su ko ta raina talaucinsu ba. Wannan ya fi kiran likita wuya, ki ba shi lokaci a tattaunawa.

Abu ɗaya kada a manta, tunda na ga malaman ungozoma a nan. Ma'aunin nan ba a yi shi don mai ciki ba, ba a kuma yi shi don yaro ƙasa da shekara 16 ba. Lambobinsu daban ne, takardarsu daban. Kada a ɗauki katunan manominmu a ɗora wa mai jego.

Shugaba, na ga hannu biyu a can, amma an kira la'asar. Waɗanda ke son katunan da takardar mai sa ido su same ni bayan salla, akwai kwafi a jakata. Wassalamu alaikum.